Gida na Ɗaya da Gida na Bakwai: Zuciyar Wa Ƙasa Take Karantawa?

Masu bugun ƙasa suna karɓar tambayoyi iri-iri. Wani kayansa ne suka ɓata, wani kasuwa ce ta tsaya masa, wata ɗanta ne ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Amma akwai tambayar da mai ita yakan rage murya kafin ya furta: "Malam, a duba mini, yana sona kuwa?" Mace takan yi ta a kan saurayi ko miji, namiji yakan yi ta a kan budurwa ko matar da ta yi yaji. Abin da ya raba wannan tambaya da sauran shi ne, ana neman labarin zuciyar mutumin da ba ya wurin, kuma wadda ta zo nema tana ɗauke da tata zuciyar a cike maƙil. Daga nan zuwa ƙarshen zaman maganar zukata biyu za a yi, kuma da wuya mai tambaya ta fito tana iya tantance wadda aka faɗa a kanta da wadda aka faɗa a kansa.

Hukuncin addini a kan wannan sana'a sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Masu sana'ar sukan kafa hujja da wani hadisin, shi ma a Muslim, inda aka ambaci wani annabi da yake zane a ƙasa, sai dai Imamu Nawawi ya yi sharhi cewa ba mu da hanyar sanin ko zanen wani ya dace da na annabin, don haka haramci ya tabbata. Duk da haka ana zuwa, a ɓoye da a sarari, kuma ana yanke shawarar aure da saki a kan abin da aka jiyo. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda ake fitar da amsar, ko da bai taɓa taka ƙofar mai duba ba, domin wata rana ƙanwarsa ko aminiyarta za ta zo masa da "ƙasa ta ce".

Bugun ƙasa ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Larabawa suna ce masa ilmur ramli, kuma littafin da ya fi yawo a hannun masu shi a Afirka ta Yamma shi ne na Muhammad Zanati, mutumin arewacin Afirka. Ibn Khaldun ya bayyana yadda ake yi a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya kuma yi watsi da da'awar cewa ana sanin gaibu da shi. Tsarin aikin kuwa mai sauƙi ne. Mai duba yana baza rairayi a faifai ko a ƙasa, ya dinga ɗiga yatsa a jere ba tare da ƙirgawa ba, har ya yi layi 16. Sai ya bi kowane layi yana share ɗigo bibbiyu. Idan ɗaya ya rage a ƙarshe sai ya rubuta ɗigo ɗaya, idan biyu suka rage ya rubuta biyu. Kowane layi huɗu suna ba da siffa guda mai hawa huɗu, don haka layi 16 suna ba da siffofi huɗu, waɗanda ake kira uwaye. Siffofin da za su iya fitowa gaba ɗaya 16 ne. Suna da sunayensu na Larabci, amma a ƙasashenmu an fi kiransu da sunayen annabawa da manyan bayin Allah: Yusufu, Adamu, Mahadi, Idirisu, Ibrahim, Isa, Umaru, Ayuba, da sauransu.

Daga uwayen nan huɗu ake fitar da komai. Ana jera siffofi a gidaje, kowane gida da abin da yake magana a kai. Gida na ɗaya shi ne ran mai tambaya, na biyu dukiya, na shida ciwo, na bakwai kuma abokin aure ko abokin hulɗa, na goma sha biyu maƙiya. A ƙasa akwai shaidu biyu, na goma sha uku yana tsaya wa mai tambaya, na goma sha huɗu yana tsaya wa wanda ake tambaya a kansa, sai alƙali a gida na goma sha biyar. Wato sana'ar da kanta ta san akwai matsala, ta kuma yi mata tanadi: ga wurin mace, ga wurin namiji, kada a cakuɗa. Turawa masu duba da kartarsu mai ganye 78 su ma haka suke yi, su ajiye ganye ɗaya su ce wannan ke ce, su ajiye wani su ce wannan shi ne. A kan faifai rabuwar tana da kyaun gani. Tambayar ita ce ko rabuwar gaskiya ce.

Bari mu ƙaga misali mu bi shi daki-daki. Wata budurwa ce, saurayinta ɗan kasuwa ne mai zuwa Legas sarin kaya. Da can kullum sai ya kira ta bayan isha'i. Yanzu wata biyu ke nan sai ta kira sau uku kafin ya ɗaga. Ya ce zai turo magabatansa bayan ƙaramar Salla, ga shi har an yi layya an cinye nama shiru. Ƙawarta ta raka ta wurin wani mai duba. Ta gaishe shi, ta ajiye abin sadaka, ta ce, "Allah gafarta malam, so nake a duba mini abin da ke ransa game da ni." Ya buga, uwaye suka fito kamar haka, kowace daga sama zuwa ƙasa: ta farko 2-2-2-1, wato Ayuba, ta biyu 1-2-1-2, Isa, ta uku 1-1-2-1, Yusufu, ta huɗu 1-2-2-1, Sulaimanu.

Gidanta shi ne na ɗaya, kuma Ayuba ne ya zauna a ciki. A littattafan sana'ar wannan siffa ce ta baƙin ciki da jinkiri da abin da ya kife. Malam ya ɗago ya ce, "'Yata, ranki a ɓace yake, kin daɗe ba ki yi barcin kirki ba." Ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo. Ya faɗi gaskiya, kuma daga wannan lokaci duk abin da zai ƙara faɗa ya riga ya sami shiga.

To ina gidan saurayin ya samo tasa siffar? Siffofi na biyar zuwa na takwas ana kiransu 'ya'ya mata, kuma ba a buga musu sabon layi ko ɗaya. Ana ɗauko hawan farko na kowace uwa a jera su, a sami siffa ta biyar. Hawa na biyu ya ba da ta shida. Hawa na uku ya ba da ta bakwai. Na huɗu ya ba da ta takwas. Mu ɗauko hawa na uku daga uwayenmu: na Ayuba 2, na Isa 1, na Yusufu 2, na Sulaimanu 2. An sami 2-1-2-2, wato Umaru, siffar da Larabawa ke kira Humra, ja. Ita ce ta zauna a gida na bakwai, ita ce "zuciyar" mutumin da a wannan sa'ar wataƙila yana cikin mota tsakanin Lakwaja da Abuja, bai san ana yi ba.

A lura da abu guda. Kan siffarsa, wato 2 ɗin farko, hawa na uku ne na siffarta. Layi ɗaya ne a rairayi, ana karanta shi sau biyu. Da yatsan malam ya ƙara ɗigo guda tak a layi na uku, da hawan ya koma 1. Sai gidanta ya tashi daga 2-2-2-1 ya koma 2-2-1-1, wato Nuhu, siffar nasara mai shigowa, gidan saurayin kuma ya tashi daga Umaru ya koma 1-1-2-2, wadda ita ma siffar nasara ce, mai fita. Ɗigo ɗaya ya mai da mai baƙin ciki mai rabo, ya kuma sauya zuciyar saurayi a lokaci guda. Gidaje biyun da aka ce sun raba ta da shi daga hannu ɗaya suka fito, a zama ɗaya, har suna tarayya a layi. Duk allon, da shaidunsa da alƙalinsa, sake jera layuka 16 ɗin nan ne da haɗa su, shi ya sa allunan da za su iya fitowa a duniya ƙididdigaggu ne, 65,536, ba ƙari. Babu ƙofar da labarin wanda ba ya nan zai bi ya shigo.

Mai sana'ar zai ce ai ba lissafi ke magana ba, asiri ne ke jan hannunsa. Mu bar masa wannan na ɗan lokaci, mu ga abin da zai yi da siffar da ta fito. Humra tana ɗaukar fushi, tana ɗaukar rigima da jini, tana kuma ɗaukar zafin sha'awa. Ana iya cewa yana fushi da ke. Ana iya cewa sonki ne ke cinsa har ya rasa yadda zai yi. Ana iya cewa yana cikin wata rigima da ba ta shafe ki ba. Idan aka ƙarasa allon sai abin ya ƙara faɗi. Haɗa siffa biyu ana yi ne hawa da hawa: iri ɗaya su ba da 2, mabambanta su ba da 1. A misalinmu shaidarta ya fito 1-1-1-1, Ibrahim, siffar hanya da tafiya. Shaidarsa ya fito 1-2-1-2, Isa, siffar abin da ke fita daga hannu. Alƙali kuma ya fito 2-1-2-1, Usumanu, siffar abin da ke shigowa hannu. Wanda yake so ya ce ya tafi ke nan, ga Isa. Wanda yake so ya ce zai dawo, ga Usumanu. Allo ɗaya ya ɗauki amsoshi biyu masu karo da juna, kuma dole wani abu daga wajen allon ya zaɓa tsakaninsu.

Abin da ke zaɓa yana zaune a gaban malam. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuska ɗaya ce tak a ɗakin da za a tambaya. Malam ya ce, "Na ga ja a gidansa," ya yi shiru. Idan ta zabura ta ce, "Wallahi na sani, tun ranar da na ƙi zuwa bikin ƙanwarsa ya canja," to ja ya zama fushi, kuma ita ta kawo dalilin. Idan ta ɗago da ɗan murmushi, ja ya zama so. Ba lallai malam ya kasance yana yaudara da gangan ba. Da yawa sun yarda da abin da suke yi, kuma shekaru sun koya musu bin numfashin mutum ba tare da sun san suna bi ba. Ray Hyman, wanda daga baya ya zama farfesan nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oregon ta Amurka, yana saurayi duban tafin hannu yake yi, kuma ya yarda da shi. Wani mai wasan dabo, Stanley Jaks, ya ba shi shawara ya gwada faɗa wa mutane kishiyar abin da layukan hannunsu suka nuna. Ya gwada, mutane suka ci gaba da cewa ya faɗi daidai. Nan ya gane ba a tafin hannu amsar take ba.

Akwai kuma gwajin da Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa 39 a 1948. Ya ba su tambayoyi suka amsa, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya nemi su auna dacewarta daga sifiri zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka ba ta ya kai kusan 4.3. Takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, jimloli 13 da ya tsinto mafi yawansu daga wani littafin taurari da ya saya a wurin mai jarida. Abin da ya kamata a ɗauka a nan ya wuce cewa mutane suna da saurin yarda. Ɗaliban Forer an yi musu magana ne a kan kansu, abin da suka fi kowa sani, amma jimla mai faɗi ta shige su. To yaya wadda aka yi mata magana a kan zuciyar wani, wadda ba ta da ma'aunin gwada ta ko kaɗan?

Ga inda nake ganin cakuɗar take faruwa. Magana a kan gida na ɗaya ana iya gwada ta nan take, domin mai zuciyar tana zaune. An ce ba ta barci, ta san ba ta barci. Magana a kan gida na bakwai ba ta da mai gaskata ta ko mai ƙaryata ta a ɗakin. Amma da yake baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a jere, da murya ɗaya, sai yardar da ta farko ta samu ta zarce kan ta biyu. Budurwar za ta fito tana ce wa ƙawarta, "Kin ga yadda ya faɗi komai?" Komai ɗin da ya faɗa daidai nata ne. Gane damuwa a fuskar wadda ta biyo rana ta zo tambaya a kan saurayi ba wani aiki ba ne. Wanda hankalinsa yake kwance ba ya zuwa.

Idan irin wannan magana ta riga ta shiga kunne, ko kunnenki ko na wadda ta zo neman shawararki, akwai aikin da za a iya yi mata da biro da takarda. A rubuta duk jimlar da aka tuna, ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowace: daga ina wannan ta fito? A misalinmu, "ranki a ɓace yake" ta fito daga fuskarta. "Mutumin yana yawan tafiya" ta fito daga bakinta ko na ƙawarta, domin tun a gaisuwa an ambaci Legas, ko da ta manta. "Ya rage nemanki" aiki ne da shi saurayin ya yi, kuma wayarta shaida ce, ba ta bukatar rairayi kafin ta sani. Idan aka kwashe waɗannan, sai a ga abin da ya rage ɗan kaɗan ne: "yana fushi da ke", "har yanzu kina ransa", "akwai wata". Waɗannan su ne kaɗai maganganun da suka shafi cikin zuciyarsa, kuma su ne waɗanda ba su da tushe a ko'ina. A duba su da kyau, sau da yawa za a tarar ko dai tsoronta ne aka sa masa rigar namiji, ko fatanta. Wadda take jin ta yi laifi za ta jiyo yana fushi. Wadda take kewa za ta jiyo yana kewa.

Wannan hali ba a ɗakin duba kaɗai yake ba, tare da shi muke kwana. A 2007 Edward Lemay da Margaret Clark da Brooke Feeney sun buga binciken da suka yi a kan ma'aurata da abokai, inda suka tambayi kowane ɓangare yadda yake kula da ɗan'uwansa da kuma yadda yake ganin ana kula da shi. Suka tarar cewa yadda mutum yake ganin ana sonsa yana bin yadda shi yake so sosai, fiye da yadda yake bin abin da ɗayan ya faɗa game da kansa. Mai tsananin kulawa yana ɗauka ana kula da shi haka, wanda zuciyarsa ta yi sanyi yana ganin sanyi a wurin abokinsa. Ke nan tun kafin budurwarmu ta cire takalmi a ƙofar malam ta riga ta zana saurayin da alƙalamin zuciyarta. Abin da zaman ya ƙara shi ne ya ɗauki zatonta ya mai da mata shi ta bakin wani, da sunan Umaru da Usumanu, sai ya daina kama da zato.

Ba ina nufin babu abin da za ta iya koya daga abin da ya faru ba. Akwai, sai dai duk game da ita ne. Yadda ta gina tambayar ma labari ne. "Yana sona kuwa?" daban take da "Zai aure ni?", kuma dukansu daban suke da "Akwai wata ne?" Wadda ta yi ta ukun kishi ne ya kawo ta, ko ta amsa ko ba ta amsa ba. Sai kuma abin da ƙirjinta ya yi a daƙiƙar da amsa ta faɗo. Akwai macen da za a ce mata "zai dawo" ta ji wani nauyi ya sauko mata maimakon daɗi. Wannan ta gano abin da ba ta taɓa faɗa wa kanta ba, cewa ta gaji, kuma izinin tafiya ta zo nema. Akwai wadda za a ce mata "ba alheri a ciki" ta tashi ta nufi wani malamin, in ya maimaita ta nemi na uku, har sai ta sami wanda ya faɗi abin da take so. Wannan ta riga ta yanke hukunci tun a gida. Duk waɗannan sanin kai ne na gaske, amma ba sai an biya kuɗin mota da na sadaka kafin a same su ba. Yayarta ko gwaggonta mai hankali, in ta ce mata "to a ce ya turo gobe, me za ki ji?" ta kuma yi shiru ta saurara, za ta fito da su.

Inda abin yake zama ɓarna shi ne lokacin da aka bar gida na bakwai aka gangara na goma sha biyu, gidan maƙiya. A allonmu Ibrahim ne a can, hanya. Ba wuya a ce, "Akwai mai zirga-zirga tsakaninku, mace ce, ta kusa." Ba a faɗi suna ba, kuma ba a bukatar faɗa, domin mai tambaya za ta cike gurbin da wadda ta riga ta tsana: ƙanwar saurayin, ko tsohuwar budurwarsa, in matar aure ce kuma kishiya ko uwar miji. Wannan amsa tana da daɗin haɗiya fiye da kowace, saboda ta wanke kowa. Shi yana sonki, ke ba ki yi laifi ba, hannu aka sa. Ta kuma buɗe ƙofar dawowa, tunda abin da aka ɗaura sai an kwance, kwancewa kuma da kuɗinta. Ƙiyayyar da take cikin mai tambaya ta fito ta zama laifin wata baiwar Allah da ba a ji ta bakinta ba, kuma zumunci da yawa a nan ya mutu. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta yi hani da yawan zato, ta kuma haɗa shi da bin diddigin asirin mutane a wuri ɗaya. Duban zuciyar wani ya tara duka biyun.

Wasu sukan kauce wa sunan duba su ce istihara za a yi musu, a ba malam sunan saurayi da na mahaifiyarsa, a dawo gobe a ji abin da ya gani. Istiharar da ta zo a hadisin Jabir cikin Buhari ba haka take ba. Mai bukata ne da kansa yake sallar nafila raka'a biyu, ya roƙi Allah in al'amarin alheri ne gare shi Ya sauƙaƙa masa, in sharri ne Ya kawar masa da shi. Babu inda aka nemi a buɗe masa ƙirjin wani. Ko mafarkin da mutum ya yi bayanta, in ya kwanta da tunanin mutum ɗaya dare da rana, ba abin mamaki ba ne ya gan shi, kuma ganin ba ya nuna shi wancan ɗin ya kwana da tunaninsa.

To ta ina ake sanin abin da ke zuciyar wanda ba ya nan? Amsar ba ta da armashi. Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley sun buga sakamakon gwaje-gwaje 25 a 2018, inda suka sa mutane su yi ƙoƙarin sa kansu a matsayin wani don su gane abin da yake ji ko yake tunani. Ƙoƙarin bai sa sun ƙara dacewa ba, har ma tsakanin masoya da ma'auratan da suka daɗe tare. Wani lokaci abin da ya ƙaru shi ne tabbacin da suke ji kawai. Abin da ya ƙara dacewa a fili shi ne inda aka bar mutum ya tambayi abokin zamansa kai tsaye ya saurari amsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na san tambaya kai tsaye ba ta da sauƙi a wurinmu, kuma kunya ce take kai mata da yawa ɗakin duba tun farko. Budurwa ba za ta so a ce ta matsu ba. Amma al'ada ba ta bar ta haka ba, ta ba ta baki: wa, ko kawu, ko waliyyi, wanda zai kira saurayin ya ce, "Malam, mun ji shiru. In da magana a turo kafin watan Maulidi, in babu a faɗa mana, yarinya tana da masu nema." Wannan tambaya ce da take isa kunnen mai gida na bakwai da kansa, kuma tana da wa'adi. Yana iya yin ƙarya, gaskiya ne, baki ba ya rasa abin faɗa. Shi ya sa ake haɗa maganarsa da ƙafarsa: ya zo ko bai zo ba, ya turo ko bai turo ba.

Ko a nan ma akwai iyaka, kuma gara a san da ita. Idan wa'adi ya cika bai turo ba, abin da aka sani shi ne bai turo ba. Ko jarinsa ne ya karye yana jin kunyar faɗa, ko mahaifiyarsa ce ta ƙi, ko zuciyarsa ce ta koma wani wuri, wannan yana iya zama a cikinsa har abada. Budurwar tana iya yanke shawararta ba tare da ta san dalilin ba, domin abin da shawarar take bukata yana hannunta: watannin da ta jira, alƙawarin da aka saɓa sau biyu, amsar da kawunta ya jiyo, da kuma ko ita za ta iya ƙara wata shida a haka.